Samfurin Kwaks: me 0.5 yake nufi?

Ga abin da na tsinta a zamanmu na ɗalibai a Agege kan samfurin Kwaks, wata hanyar ƙididdiga mai auna tsawon lokaci kafin aukuwar abu.

Misali, masu tarin fuka da ke yanke shan magani: a ce rabon haɗarin masu samun tunatarwa ta waya, in an gwada su da marasa samu, 0.5 ne. Wani ya ce wato za su daɗe ninki biyu suna shan magani. Aka gyara masa: a kowane lokaci, cikin waɗanda ba su yanke ba tukuna, saurin yankewar masu samun tunatarwa rabin na sauran ne.

Wanda ya koma Kano tsakiyar bincike kada a goge shi, watannin da aka bi shi suna cikin lissafi.

Ni abin da ya fi kama ni: in layukan rukunin biyu suka gitta juna a zanen da ke nuna kason waɗanda ba su yanke ba a kowane lokaci, rabon ba ya tsaye, lamba ɗaya za ta ruɗe ka.