Na cire bangon tambari: a kan baƙi gefensa fari, a kan fari gefensa baƙi

Mai Zanen Kati: Assalamu alaikum 'yan uwa, ina cikin damuwa. Wata Hajiya mai sayar da turaren wuta ce ta ba ni aikin tallan shagonta. Shekara biyu ina yi mata katin biki, ba ta taɓa yin ƙorafi ba, ita ce ma ta haɗa ni da ƙawayenta, kuma Juma'ar nan za ta buɗe sabon shago. Ta turo tambarinta ta WhatsApp, ja ne a kan farin bango. Na cire farin da Magic Wand a Photoshop, na ɗora a kan baƙi, sai wani zare fari-fari ya zagaye shi. Abokina kuma ya yi min bidiyon tambarin yana juyawa, na sa a After Effects a kan farin bango, sai gefen ya yi duhu kamar an zizara masa kwalli. Ina na yi kuskure?

Ɗan Firinta: Wa alaikumus salam. Allon kwamfutarka ne. Ni ma wani ya taɓa dawo min da bana guda shida wai jan bai yi ja ba, alhali a wayarsa ya duba. Har yau bai biya ni cikon kuɗina ba.

Mai Zanen Kati: Ba allo ba ne Yallaɓai, a wayar Hajiya ma haka ya fito.

Tsohon Hannu: Ƙanena, matsala biyu ce ka haɗa, amma tushensu ɗaya. Zuƙo gefen tambarin sosai har ka ga fiksil ɗaya-ɗaya. Inda layi ya lanƙwasa, fiksil ɗin gefe ba ja ba ne zalla, ba kuma fari ba. Manhajar da ta zana shi ta gauraya su ne don kada gefen ya yi haƙora kamar zarto. A ce janka 200, 0, 0 ne, fari kuma 255, 255, 255. Fiksil ɗin da tambari ya rufe rabinsa zai zama kusan 228, 128, 128, wato ruwan hoda. Magic Wand ba ya ganinsa a matsayin fari, sai ya bar shi. To da a kan baƙi aka zana tambarin tun farko, wannan fiksil 100, 0, 0 zai kasance, ja mai duhu. Kai kuwa ruwan hoda ka ɗora a wurin. Zaren da kake gani tsohon farin bangon ne, ya riga ya narke cikin launin kamar sukari a shayi, gogewa ba ta fitar da shi.

Mai Zanen Kati: Amma Yaya kullum da Magic Wand nake aiki, ban taɓa samun wannan ba. Har Tolerance na ɗaga daga 32 zuwa 60.

Tsohon Hannu: Saboda a kan kati mai haske kake ɗorawa, shi ya ɓoye maka. Ɗaga Tolerance kuwa cinye gefen kawai yake yi, gaurayen da ya rage yana nan.

Sarauniyar Gyaran Hoto: Ku daina wahalar da yaron nan da lissafi. `Layer > Matting > Defringe`, sa 2, shi ke nan. Ko ka danna `Remove White Matte`. Ai duk PNG haka yake, launinsa a haɗe yake da bango, sai haƙuri.

Tsohon Hannu: Sarauniya, Defringe yana taimakawa, ban musa ba, don launin ciki yake jawowa ya shafe na gefe. Amma in akwai siririn rubutu sai ya ɓata shi. Maganar PNG kuma ba haka take ba. Ƙa'idar PNG ita ce a ajiye launi cikakke daban, alfa daban. Alfa shi ne lambar da ke faɗin yadda fiksil yake shara-shara, 0 babu shi sam, 1 ya toshe abin da ke bayansa gaba ɗaya. Akwai hanya biyu ta ajiyewa. Ta farko, wadda ake rubuta Straight a allo, tana ajiye 200 da alfa rabi. Ta biyu, Premultiplied, an riga an ninka launin da alfa kafin a ajiye, sai ka tarar da 100 da alfa rabi. Wannan ta biyun ita Porter da Duff suka yi amfani da ita a takardarsu ta 1984 kan haɗa hotuna, kuma ba aibi ba ce. Kowace da lissafinta:

```
straight: out = C*a + B*(1-a)
premult:  out = C   + B*(1-a)
```

C launin fiksil, a alfa, B bango, out kuma launin da zai fito. Yanzu bidiyon abokinka. Ina kyautata zaton Premultiplied ya fitar, kai kuma After Effects ɗinka ya karanta shi a matsayin Straight. Sai aka sake ninka 100 da rabi ya koma 50, aka ƙara rabin fari 128, ya ba da 178 a inda ya kamata a ga 228. Wannan giɓin na 50 shi ne kwallin da kake gani. Da akasin haka aka yi, fayil Straight aka karanta shi Premultiplied, 200 za a tara da 128, ya wuce 255, gefen ya ɗau haske. Danna dama a kan fayil ɗin a Project, `Interpret Footage > Main`, zaɓi `Premultiplied - Matted With Color`, launin ka sa baƙi. In zatona daidai ne nan take zai ɓace.

Ɗan Firinta: Shi ya sa nake cewa kwastomomi su riƙa kawo asalin fayil. Mutum zai turo hoton da ya bi waya biyar, ya ce a buga masa bana mai ƙafa goma.

Mai Zanen Kati: Yaya na gwada, na bidiyon ya gyaru, Allah ya saka da alheri. Amma `Remove White Matte` da Anti ta ce bai yi komai ba a hoton.

Tsohon Hannu: Ba zai yi ba sosai. Abin da yake yi shi ne juya lissafin, ya cire kason fari ya raba da alfa: 228 a cire 128, a raba da rabi, 200 ya dawo. Sai fiksil yana da alfa na gaskiya wannan zai yiwu, naka kuwa Magic Wand ya bar yawancinsu a toshe, babu abin da za a raba da shi. Tunda ja ne launi ɗaya, koma asalin hoton, shiga Channels, kwafi Green, juya shi da Ctrl+I. Ja ba shi da kore, fari yana da shi cikakke, don haka juyayyen nan shi ne alfanka, har da rabi-rabin gefe. Yi sabuwar leya ja zalla, ka sa shi ya zama mas ɗinta, wato abin da ke nuna inda leyar za ta fito da inda za ta ɓuya. Ɗan dattin da matsewar JPEG ta bari sai ka share da Levels, a hankali, kada ka ƙone gefen.

Sarauniyar Gyaran Hoto: Duk wannan dogon zagaye ne. Ni da Pen Tool zan sake zana shi cikin minti ashirin, in huta.

Mai Zanen Kati: Anti ba zan iya sake zanawa ba, Hajiya ta ce kada a taɓa ko ɗigo, marigayi ƙaninta ne ya zana mata. Kuma Yaya na manta ban faɗa ba, akwai rubutu ruwan zinare a ƙasan jan, mai haske da inuwa.

Tsohon Hannu: To ai da ka faɗa tun farko. Zinare yana da kore da yawa, dabarar Green za ta mai da shi shara-shara. Gwada Blue, wataƙila ya fi, amma inda zinaren ya yi haske kusa da fari nan ma zai huje, sai ka cike cikin mas ɗin da hannu. Turo girman hoton tukuna.

Mai Zanen Kati: 640 ne faɗinsa. Ni dai ina ganin in na sa masa siririn farin layi kewaye zai ɓoye komai, don gobe da safe take son gani.

Sarauniyar Gyaran Hoto: A kan baƙin bango? Kada ka fara.