Hujja ta inganta amma ƙarshenta ƙarya ne?

Salamu alaikum. Ina aji ɗaya a jami'a nan Marwa, darasin manɗiƙi ya tsaya mini a wuya. An ba mu wannan: duk garin Kamaru yana bakin teku; Garwa garin Kamaru ne; saboda haka Garwa tana bakin teku. Na rubuta cewa hujjar ba ta inganta ba, tunda Garwa a bakin kogin Binuwai take. Malam ya soke amsar. Ya ce siffarta ingantacciya ce, jimlar farko ce ƙarya, shi ya sa ba ta zama sahihiya ba.

Na zana da'irori, Garwa ta faɗa cikin da'irar garuruwan bakin teku, na rasa misalin da zai karya siffar. Abin ya dame ni ƙwarai.

Don Allah, in ina gwada inganci, ɗauka zan yi jimlolin farko gaskiya ne ko da na san ƙarya ne?