An sake ni ina shayarwa, yaushe iddata za ta ƙare?

Assalamu alaikum malamai. Mijina ya yi mini saki ɗaya a rubuce ina da goyon wata huɗu. Tun da jinin biƙi ya ɗauke ban sake ganin al'ada ba, yanzu yaron har ya fara rarrafe. Na yi gwaji a asibiti, babu ciki.

Da wata uku suka cika sai ya yanke kuɗin cefane, wai idda ta ƙare, na yaro kawai zai riƙa aikowa. Bai kuma ce ya mayar da ni ba. Yayana ya tambayi limamin unguwarmu, ya ce lissafin wata uku na wadda ta daina jini ne ko wadda ba ta fara ba, ni sai na yi tsarki uku. Wani malamin kuma ya ce a mazhabar Malikiyya, idan jinin bai dawo ba, sai na ƙirga shekara guda bayan yaye.

Ga shi wani ya turo manyansa neman aure, Baba ya dakatar da su, ya ce har yanzu ni matar wani ce. Haya da abinci duk sun dawo kan Baba, abin yana ci mini rai.

Don Allah, a wannan hali daga ina zan fara ƙirga iddata, in san ranar da nauyina zai sauka daga kan mijina?