Feritin 85 ga mai tarin fuka: ƙarancin ƙarfe ne ko ƙarancin jini na doguwar cuta?

Assalamu alaikum likitoci da ma'aikatan ɗakin gwaji. Ina neman shawararku kan wata baiwar Allah mai shekara 34 da muke dubawa a nan Marwa. Wata biyu ke nan tana shan maganin tarin fuka, amma tafin hannunta da cikin fatar idonta fari fat, ga haki ko tsakar gida ta share. Hemogulobin ɗinta 8.6 g/dL, MCV 76, feritin 85 µg/L, CRP 48 mg/L. Gwajin maleriya bai nuna komai ba.

A mai lafiya, feritin ƙasa da 15 shi ke tabbatar da ƙarancin sinadarin ƙarfe. To amma feritin yana hawa da kumburi ko da rumbun ƙarfen jiki ya kusa ƙarewa. Kumburin kuma yana sa hanta ta ƙara hefsidin, shi kuwa ya toshe shigar ƙarfe daga hanji, ya kulle wanda ke ajiye. Shi ya sa ƙarfen cikin jini ke faɗuwa a cututtukan biyu, bai raba gardama ba.

Ga inda na cije. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2020 ta sa iyakar a 70 ga babba mai kumburi, wasu likitoci kuma suna kai ta 100. Feritin ɗinta ya faɗo tsakani. Tana yawan zubar jinin al'ada, abin da ya sa nake zargin duka biyun ne suka haɗu mata.

Ba mu da gwajin sTfR. Idan na samo TIBC ya fito ƙasa, ya isa in jingine ƙwayar ƙarfe? Ko in ba ta na mako huɗu in sake auna hemogulobin, alhali hefsidin na iya hana hanjin tsotsa, rashin hawan jinin ya ruɗe ni?