Saƙon bayan taro: in rubuta abin da aka yanke ko abin da Shugaba ya ce?

Rabi Zariya: Salamu alaikum 'yan uwa. Wata biyu ke nan da aka ba ni sakatariyar ƙungiyarmu ta manoman aya. Jiya Asabar 10 ga Mayu mun yi taro nan Maradi da wakilin furojen da ke tallafa muna, an yarda za a sayi buhu 120 na taki kafin ruwa ya zauna. Wakilin ya ce in turo imel na abin da aka tsaida. Matsalata ita ce kuɗin motar da za ta kai takin mangazarmu. An yi ta gardama har aka kira La'asar, aka watse ba a yanke ba. Da muka fito, Shugaba ya ce mini in rubuta furoje ne zai biya. In rubuta haka, ko in ce ba a yanke ba? Kuma in tura yau, ko in jira a sa ma rahoton taron hannu?

Ɗan Tibiri: Wa alaikumus salam. Imel kuma? Manomi nawa cikinku ke da imel? Ki yi murya a Watsap ki huta.

Rabi Zariya: Yaya, wakilin furojen ne ya nema, shi da ofishinsu na Yamai.

Malam Issufu: Ɗiyata, na daɗe ina riƙe da alƙalamin ƙungiyoyi. Ki tura kafin gobe Litinin da dare, tun maganar na da ɗumi a kunnen kowa. Kada ki jira rahoto mai sa hannu da tambari, wannan aikinsa daban, shi banki ke tambaya in za a canza masu sa hannu. Saƙonki na tuni ne. Kuɗin mota kuwa, ki ba shi layinsa shi kaɗai: "Ba a yanke wanda zai biya kuɗin mota ba. Shugaba ya nemi furoje ya ɗauka, wakili zai ba da amsa kafin Alhamis 15 ga Mayu." Kin ga maganar Shugaba ta shiga, ke kuma ba ki yi ƙarya ba. Amma ki kira wakilin tukuna ya yarda da ranar, kada ki ɗora masa wa'adin da bai ji da kunnensa ba. In kika rubuta an yanke, ya maido amsa gaban mutanen Yamai cewa bai faɗa ba, daga ranar babu mai sake gaskata saƙonki.

Hajiya Tasawa: Ni dai Allah ya isa tsakanina da irin takardun nan. Bara muna haɗa kayan riɗi, aka zauna da mai mota gaban kowa, ya ce dubu talatin. Sakatarenmu yaro ne ɗan lakwal, ya rubuta 30.000 ya tura ma kowa. Ashe mutumin da dala yake lissafi, jikka ɗari da hamsin yake nufi, 150.000. Ni ce ma'aji. Na ware jikka talatin, ranar lodi ya zo ya ce ba ya tada mota. Kaya suka kwana biyu a waje. Shugabarmu ta ce ni na ji da kunnena, don mi ban gyara ba? To ni ban buɗe saƙon ba ma, wayata ba mega. Sai da na saida tunkiyata biyu na cika, har yau ana ce mini za a maido. Wadda ta fi kowa baki a taron nan, ranar ko gaisuwa ba ta yi mini ba. Kuma maƙwabciyata ce!

Ɗan Tibiri: Hajiya, jikka 150 zuwa ina? Makka? Mu buhu ɗaya 250 muke biya daga Maradi.

Hajiya Tasawa: Kai Tibiri ai ko jaki ya kai maka. Mu 750 ne, ban da 'yan dako.

Sani Mai Sibar: Makon jiya an kai ma ƙanena kaya Madarunfa a 500 buhu. Ku zo wajena in buga muku rahoton, shafi dala ashirin.

Ɗan Tibiri: Dala goma ake bugawa bakin kasuwa, Sani ka ji tsoron Allah.

Malam Issufu: Labarin Hajiya ya isa darasi. Rabi, duk kuɗin da za ki sa, ki rubuta shi da lamba da sefa a gaba, sannan ki maimaita da jikka: 150.000 sefa, jikka 150. Haka ranaku. "Mako mai zuwa" da "bayan Sallah" ba wa'adi ba ne, ki sa sunan rana da kwanan wata. Kowane aiki kuma suna ɗaya. In kika ce "kwamiti zai nemo farashin taki", kowa zai jira ɗan uwansa. Ki ce wane zai kawo farashi daga 'yan kasuwa uku ranar Juma'a 16 ga Mayu, ma'aji za ta gama karɓar zubin membobi ranar kaza. Ƙasa ki sa taro na gaba da rana da ƙarfe da wuri.

Abdu Jami'a: Malam, da girmanka, wannan tsohon yayi ne. Yanzu tebur ake yi a haɗa shi da saƙo, a sa kowa a Cci, layin da ke ɓoye waɗanda aka tura ma imel, don kada adireshin mutane ya watsu.

Malam Issufu: Tebur ba laifi, amma a waya mutane ba su buɗe abin da aka maƙala, gara maganar ta zauna cikin jikin saƙon. Cci kuwa na sanarwa ga jama'a da yawa ne. Nan mutum shida ne ko bakwai da suka zauna tabarma ɗaya. In ka ɓoye su, wakili ya danna Répondre à tous, wato amsa ga kowa, ya gyara wani abu, waɗanda ka ɓoye ba za su gani ba. Masu aiki a layin À na waɗanda aka aika ma saƙon, mutanen Yamai a Cc, layin kwafi.

Abdu Jami'a: To ai ni ma na yi horo a furoje wata shida.

Hajiya Tasawa: Wanda ya jefa ni rami ma irinka ne, da takardarsa.

Rabi Zariya: Na gode Baba. Ranar taro na gaba ma ba a tsaida ba, Shugaba ya ce "sai mun ga hali". Na yi niyyar in sa Asabar 24 ga Mayu, ƙarfe 10 na safe a mangaza, in ce wanda bai yarda ba ko ya ga kuskure ya faɗa kafin Laraba. Sannan in karanta shi da Hausa a murya don sauran membobi. Abin da ke damuna, in Shugaba ya ga ban rubuta yadda ya ce ba fa? Abokin mahaifina ne.

Malam Issufu: Ki je gida ki karanta masa kafin ki tura. Dattijo ya fi jin zafin abin da ya tsinta gaban mutane.

Ɗan Tibiri: Ƙarfe 10 na takarda, ƙarfe 12 na Shugaba.

Sani Mai Sibar: In an ce akwai kuɗin zama, tun Asuba za ka same su bakin ƙofa.

Hajiya Tasawa: Kuɗin zama! Taro uku na zo Maradi da kuɗin motata, aka ce mu sa hannu za a turo. Mun sa hannu, ina kuɗin? Rabi, tunda wakilin naku na karanta imel, ki tambaye shi ko su ma haka suke yi.

Abdu Jami'a: Hajiya wane furoje ne? Wasu sai ƙarshen wata uku suke biya.

Hajiya Tasawa: Wata uku tun damanar bara?