Buƙata Uku a Gindin Tsamiya

Ƙanwar Maza:
Malamai ina da tambaya,
A tatsuniyoyinmu na jiya,
In aljani ya ba mutum dukiya,
Don me ake ƙarewa da kuka?

Na Mandawari:
Ƙanwata matso ki ji dalili,
Aljani ba shi da gona ko fili,
Ba ya halittar gero ko tsili,
Na wani yake ɗebowa ya ba ka.

Mai itace ya sari tsamiya,
Aka ce buƙata uku, faɗe su ɗaya ɗaya,
Ya ce a cika min rumbu har wuya,
Bai ce daga ina za a ɗauka.

Da asuba maƙwabta suka farka,
Rumbunansu wayam, nasa ya cika,
Kowa ya gane damin da ya saka,
Sai ga dogarai a ƙofar bukka.

Ɗan Fagge:
Malam ka yi ɗaya ka tsaya haki,
Kamar mai hawa Dala bisa jaki,
Ni dai na ce laifin na baki,
Wanda ya iya roƙo ba ya kuka.

Na Mandawari:
Yaro, jakin ya fi ka sauri.
Ta biyu ya ce a tsare ni daga ɗauri,
Kada ido ya gan ni a duk gari,
Har matarsa ta daina ganinsa a ɗaka.

Aka yi sadakar uku, aka yi ta bakwai,
Tana takaba, yana gefe da rai,
Ta uku ya ce a mai da ni yadda nake dai,
Gero ya tafi, sunan ɓarawo bai sauka.

Hajiyar Ƙofar Mata:
Allah ya ƙara basira Malam! 'Yan Waje sai su koma makaranta.

Mai Awon Kari:
A yi a hankali da yabon, Hajiya. Layin "Mai itace" gaɓa 10 ne, mai bi masa 15. Wannan baitin ɗingishi yake.

Ƙanwar Maza:
To marainiyar nan fa, Baba,
Da ta cuɗa bayan tsohuwa ba gardama,
Ta dawo da shanu da alkama?

Na Mandawari:
Ita ba ta roƙa ba, ba ta aka yi,
'Yar kishiya ce ta je da kwaɗayi,
Ta dawo da abin da ya fi ta nauyi.
Suratul Jinni, aya ta 6, ki duba ki karanta.

Ɗan Fagge:
Ga shi amsa-amon "ka" ya zama "ta",
Aljanin tsamiya ne ya sace ta?

Hajiyar Ƙofar Mata:
Kai Mai Awo, da nauyin gaɓa ake auna kari, doguwa da gajera, ba da ƙirgen yatsu ba.

Mai Awon Kari:
To auna shi da nauyin ma, Hajiya, ki faɗa mana a wane kari ya zauna.