Sana'a uku gare ni amma duk shekara sai na ci bashi

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah ku ba ni shawara kaina ya kulle. Ina ɗinki, ina yi wa yara lesin da yamma, ina kuma ɗan kiwon kajin nama a bayan gida. Keken ma na yayata ne ta bar min da za ta tashi, sai da na kai shi gyara kafin ya yi aiki, ita kuma har yau gani take kyauta ta yi min babba, to wannan dai daban. Matsalar akwai wata uku da ɗinki ke tsayawa cak, lokacin kuma an yi dogon hutu ba lesin, sai in zuba 'yan tsaki amma ƙarshe bashi nake ci. Ina kuskuren yake?

Maman Biyu: Wa alaikumus salam. Ki ƙara sana'a ta huɗu kawai, ni da nake saƙa ban taɓa zama haka ba, in ban da masu karɓar kaya su ce sai ƙarshen wata, wata tun bara nake binta har ta daina ɗaga wayata.

Hajiya Babba: Ba ƙari take buƙata ba. Ƙanwata, biyu daga cikin sana'o'inki tare suke kwanciya, ta ukun kuma kina tayar da ita a lokacin da ba ki da kuɗi. Kazar nama sati 6 zuwa 8 take yi tana ci kafin ta ba ki ko sisi, kuma abinci shi ne ya fi rabin abin da ake kashe mata, a satuttukan ƙarshe ma cin ya fi yawa. Kenan a watannin da babu shiga kin ƙaro bakin da za ki ciyar, shi ya sa bashin. Ki zuba 'yan tsakin sati 7 KAFIN ɗinki ya tsaya, ki sayi abincinsu da kuɗin ɗinki, sayarwa ta faɗo a farkon watan wuya.

Sannan ki yi lissafi a takarda. Mu ɗauka gida na cin 10 a wata. Watanni 9 masu kyau kina samun riba 14, ukun nan kina samun 4, to giɓin kowane wata 6 ne, sau uku 18. Raba 18 gida 9, ya zama 2. Wannan 2 ɗin za ki cire duk watan da aiki ke tafiya tun kafin ki taɓa komai, in da hali ki mai da shi 3 saboda rashin lafiya ba ta sallama. Kuma riba na ce, ba ciniki ba, kuɗin zare da abincin kaji da na 'yan tsakin gaba ba naki ba ne.

Mai tambaya: Na gode Hajiya amma lokacin da ɗinki ya yi yawa ko barci ba na samu, 'yan tsaki kuma a satin farko sai an tsare su da ɗumi da ruwa dare da rana, shi ya sa nake bari sai na samu sarari. Ba wai ban yi tunani ba ne.

Abban Yara: Hajiya a yi min afuwa, akwai abin da aka tsallake. In mutane sun daina kawo ɗinki saboda aljihu ya bushe, kazar ma ba za su saya da daraja ba. Ni ya faru da ni, suka kai sati 10 ba mai saye, kullum suna cin riba har na sayar da asara. Gara ta nufi lokacin da kasuwar kaji ke ci, ta ajiye kuɗin.

Hajiya Babba: Ajiyar ce ai ba ta iya ba Malam, da ta iya da ba ta zo nan ba. Ta nemi masu saye tun kajin suna sati 4, ta kuma rage yawansu zuwa abin da ta san zai fita.

Maman Biyu: Ki shiga adashi ki ce a ba ki kwasa a watan hutu, shi kenan.

Abban Yara: Zubin fa? Shi ba ya hutu, a watannin nan ukun ma sai ta zuba, sai dai in an samu wanda zai ƙare kafin lokacin.

Hajiya Babba: Ƙanwata ba ki faɗa mana ba, kuɗin sana'o'in nan uku wuri ɗaya kike zuba su? In eh ne to ba ki ma san wacce ke ciyar da wacce ba, wataƙila kajin nan tun farko ɗinki ne ke ɗauke da su.

Mai tambaya: Wuri ɗaya ne, amma ai duk nawa ne Hajiya, kuma ina riƙe lissafin a kaina. Kajin dai ba zan bari ba don ina jin daɗin kiwon. Shi 2 ɗin da kika ce, in wata ya zo ban samu 14 ba fa, in cire ko in bari?